Sharhi: Rubutun Ledar Yaji, Daga Take Zuwa Layuka Uku na Ɗanɗano

Sharhinmu na yau ya leƙa Mawashi ne, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kusada, maƙwabciyar Kankiya a tsakiyar Jihar Katsina, kuma batunsa shi ne 'yan kalmomin da ake rubutawa a jikin ledar yaji.

A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, dakan yaji tsohuwar sana'ar mata ce ta cikin gida. A da cinikinsa bai buƙatar rubutu ko kaɗan. Mai saye zai aiko yaro, ko ya tarar da 'yar talla, a buɗe masa roba ya shinshina, ya ɗan lasa a yatsa, sannan ya ce a ƙulla masa. Ya san gidan da aka daka, ya san hannun mai dakan. Yau kuwa yajin yana shiga leda mai liƙi ko robar da aka toshe bakinta, ya hau mota a kan titin Kano zuwa Katsina, ya sauka a kantin Kankiya ko a kasuwar Caranci ranar Lahadi, wani ma hotonsa kawai ake gani a WhatsApp. Mai saye ba zai iya buɗewa ba sai ya biya. Saboda haka aikin da hanci da harshe suke yi a da ya koma kan takardar da aka manna a jikin ledar, takardar da sau da yawa ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

A kan wannan 'yar takarda, abubuwa biyu ne suke jawo mai saye: take, wato gajeren kirarin da ke ƙarƙashin sunan yajin, da layuka uku da ke faɗin yadda yajin yake a baki. Abin da sharhin nan yake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Waɗannan layuka ana samo su ne daga sikeli da kuma bakin masu ɗanɗanawa, domin su gaya wa mai saye abin da zai ji idan ya buɗe, ba tare da ƙari ba.

Bari a ɗauki misali, a bi shi daga turmi har zuwa shagon mai buga takarda. A ce wata baiwar Allah a Mawashi tana haɗa yajin ƙuli, kuma ta auna kilo ɗaya kamar haka: ƙuliƙuli giram 350, busasshen barkono 300, citta 120, gishiri 80, busasshiyar tafarnuwa 60, magin dunƙule 40, masoro 30, kanumfari 20. Jimla giram dubu ke nan, wato leda goma masu giram ɗari-ɗari, idan ba a cire abin da rariya ta riƙe wajen tankaɗe ba. Wannan ba shi ne ma'aunin da kowa zai bi ba, kowane gida da irin hannunsa. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa sai an san me ke cikin ledar da nauyinsa kafin a ɗauki alƙalami. Gwangwani da cokali suna ruɗi, domin gwangwanin barkono bai kai gwangwanin gishiri nauyi ba, ko kusa. Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu gasa biredi shi ne ya kamata ya riga takarda zuwa gidan.

Daga wannan ma'auni sunan kayan ya fito da kansa. Tunda ƙuli ne ya fi yawa, sunansa yajin ƙuli. Rubuta "yaji na musamman" kawai bai wadatar ba, domin yaji iri-iri ne: akwai na daddawa, akwai na tafarnuwa, akwai na jego wanda ake cika wa kimba da masoro da citta. Wadda ta zo neman na jego ta koma gida da na ƙuli ba za ta sake waiwayar wannan leda ba.

Sai take. Mafi yawan abin da ake gani a kantuna iri ɗaya ne: "mai daɗi", "lamba ɗaya", "ba irinsa". Matsalar waɗannan kalmomi ita ce za a iya cire su daga ledar yaji a manna wa alawa ko garin kunu ba tare da sun canza ma'ana ba. Wannan ita ce jarrabawar farko ta take: in ya dace da kowane kaya, to bai faɗi komai game da wannan ba. Jarrabawa ta biyu ita ce gaskiya. "Dakan hannu" take ne mai jan hankali, amma ranar da oda ta yi yawa aka kai barkonon inji, ya zama ƙarya, kuma wanda ya san yaji yana gane laushin niƙan inji daga tsakin dakan turmi. Jarrabawa ta uku ita ce baki: a faɗi taken da ƙarfi sau ɗaya, a ga ko yaron da aka aika kanti zai iya maimaita shi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kalma biyu zuwa biyar sun isa.

Mai yajin namu na Mawashi za ta iya tsayawa a kan kalmomi kaɗan: "Abokin garau-garau." Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da wake da mai da yaji ya gane inda aka dosa nan take. Taken bai yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba, kuma ya dace da abin da ke cikin ledar, domin yajin ƙuli na barbaɗawa ne a kan abinci, ba na zubawa a tukunyar miya ba. Yana da iyakarsa, tabbas. Mai neman yajin tsire ko na awara zai iya ɗauka ba da shi ake ba. Ana gyara wannan da ɗan layi a bayan leda mai lissafa ɗanwake da awara da dafaffen rogo da gasasshen nama. Taken da ya kama abinci ɗaya sananne ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da wanda ya yi ƙoƙarin rungumar kowane kwano.

Yanzu ga wurin da aikin ya fi yawa, wato layuka ukun. Hanya mafi tabbas ta rubuta su ita ce a bi yajin yadda yake tafiya a baki: abin da ya fara zuwa, abin da ya biyo baya, da abin da ya rage bayan an haɗiye.

Mai yajin ba za ta yanke wannan hukunci ita kaɗai ba, domin harshenta ya saba da hannunta. Sai ta dafa shinkafa da wake ba tare da wani kayan ƙamshi ba, ta zuba mai, ta raba a ƙananan kwanuka daidai wa daida, ta barbaɗa wa kowanne ƙaramin cokali ɗaya. Ta nemo mutum biyar ko shida da ba 'yan gidan ba, a cikinsu har da wanda bai iya cin yaji sosai ba. Tambayoyinta uku ne kacal: me ka fara ji, me ya biyo, me ya zauna maka a baki? Kada ta tambayi ko ya yi daɗi, domin kara ba za ta bar maƙwabci ya ce a'a ba. Kowa ya ba da amsarsa shi kaɗai, don kada na biyu ya ari bakin na farko. Kalmomin da suka maimaitu a bakin mutum uku ko huɗu, su ne za su hau takarda.

Layi na farko na zafi ne, domin shi ne tambayar farko ta duk mai sayen yaji: yana da yaji sosai? Amsar ta dogara da irin barkonon. Giram ɗari uku na ƙananan barkonon nan tsiduhu zai iya sa babban mutum hawaye, alhali in aka surka rabinsa da busasshen tattasai sai launin ya ƙara ja, zafin ya sauko. Ƙulin ma yana rage kaifin, saboda sinadarin da ke kawo zafin barkono yana narkewa ne a cikin mai, ba a ruwa ba. Shi ya sa shan ruwa ba ya saurin kashe raɗaɗin yaji. A duniyar masana akwai ma'aunin zafin barkono da wani Ba'amurke mai harhaɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912, kuma asalinsa shi ma da harshen masu ɗanɗanawa aka gina shi. Mai yaji a Mawashi ba ta buƙatar lambobinsa. Mataki uku sun ishe ta: kaɗan, matsakaici, sosai. In masu ɗanɗanawa sun ci sun gama ba wanda ya nemi ruwa da gaggawa, layin zai iya zama: "Zafi matsakaici, yana ɗumama baki ba ya sa hawaye." Idan ta zana hoton barkono biyu cikin uku a gefe, har wanda bai iya karatu ba ya samu amsa.

Layi na biyu na ƙamshi ne. A nan ne ake ganin bambanci tsakanin nauyi da ƙarfi. Kanumfari giram ashirin ne kawai a kilo, kashi biyu cikin ɗari, amma da an buɗe leda yana cikin waɗanda suke fara kaiwa hanci. In ya wuce kima sai ya kawo ɗaci, ya sa harshe ya yi kamar an ɗaure shi. Citta tana zuwa da ɗumi mai sauka har ƙirji, masoro kuma yakan makara, sai daga baya a ji shi a maƙogwaro. Ba dole ne a ambaci dukansu ba. Layin da ya jero kayan ƙamshi biyar ya zama lissafin cefane. A ɗauki biyun da masu ɗanɗanawa suka fi ambata: "Ƙamshin citta da kanumfari na biye da shi."

Layi na uku na abin da ya rage ne, kuma shi ne yake dawo da mai saye. A yajin ƙuli mai kyau abin da ke zama a harshe shi ne garɗin soyayyiyar gyaɗa: "Garɗin ƙuli ne ke zama a harshe." Idan kuwa masu ɗanɗanawa suka ce gishiri ne ya rage musu, ko magi, ko ƙauri, to gyaran na turmi ne. Sai a koma a rage gishirin, ko a canza ƙulin da ya ƙone wajen suya, a sake gwadawa, kafin a rubuta komai.

Ga yadda fuskar ledar za ta kasance idan aka haɗa. A sama, sunan sana'ar. A ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe, Yajin Ƙuli. Sai take: "Abokin garau-garau." Sai layuka uku: "Zafi matsakaici, yana ɗumama baki ba ya sa hawaye. Ƙamshin citta da kanumfari na biye da shi. Garɗin ƙuli ne ke zama a harshe." Duk kalmar da ke ciki, mai saye zai iya gwada ta da loma ɗaya.

To amma rubutun yana zama gaskiya ne muddin yajin bai canza ba, kuma a nan ne masu sana'a da yawa suke zamewa. Barkonon da aka sayo bana ba lalle ya yi zafin na bara ba, ko daga hannun mutum ɗaya aka saya. Farashi ma yana taɓa ma'auni. A 2023 wata cutar shuka ta afka wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, yankin Kaciya da Jaba da Kagarko, inda mafi yawan cittar Nijeriya take fitowa, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan hali mai yaji takan rage citta ta ƙara ƙuli don kada ta faɗi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar takardar tana ta faɗin ƙamshin citta alhali hanci bai same shi ba. Don haka duk sabon daka a ajiye ɗan samfur na tsohon a gefe, a kwatanta su a kan abinci ɗaya. Kuma kada a buga takarda dubu biyar lokaci guda don neman rahusa, tunda ma'auni zai iya motsawa kafin su ƙare.

Ajiya ma tana iya ƙaryata takarda. Ƙuli yana ɗauke da mai, kuma mai yana tsufa, musamman a zafin bazara. Alamarsa ita ce warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro, sai kuma tabon maiƙo a jikin takardar. Da damina kuwa gishirin da ke ciki yana jan danshi, yajin ya dunƙule, jan launinsa ya dushe. Gyaɗar da ta yi fumfuna tun kafin a yi ƙulin ta fi duk waɗannan haɗari, domin tana iya ɗaukar gubar da suya ba ta kashewa. Saboda haka ranar da aka daka da ranar da ya kamata a gama amfani da shi ba ƙawa ba ne a jikin leda, kuma ba a kwafo su daga ledar wani. Yajin da ke da ƙuli bai kai wanda babu shi daɗewa ba.

Bayan ledar kuma na doka ne. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'idojin rubutun jikin abincin da aka ƙunshe, kuma sun yi daidai da mizanin duniya na Codex wanda aka amince da shi a 1985. Ana buƙatar sunan abincin na gaskiya, jerin kayan haɗi, nauyin abin da ke ciki ban da ledar, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin da aka haɗa, kwanan wata, yadda za a ajiye, da lambar rajistar hukumar. Jerin kayan haɗi ana fara shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. A misalinmu ƙuli ne a gaba, kanumfari a ƙarshe, duk da cewa a layukan ɗanɗano zafi ne ya fara. Jeri biyu ne daban: ɗaya na sikeli, ɗaya na harshe. Dole bayanan su kasance da Turanci, amma babu abin da ya hana Hausa zama a gefensa, da boko ko da ajami, kuma ga mai saye a Kusada ko Kankiya Hausar ce za ta yi ciniki. Wanda bai yi rajista ba kada ya ƙirƙiri lamba ko ya ari ta wani, domin laifi ne da hukuma take kamawa a kansa.

Akwai layi guda da bai kamata ya ɓace ba: "Yana ɗauke da gyaɗa." Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har takan toshe musu numfashi, kuma yaji gari ne da ido ba ya rarrabe abin da ke cikinsa. Hausawa mazauna Ingila da Amurka da ake aika wa yaji tsaraba sun san yadda ake ɗaukar wannan batu da zafi a can.

Akwai kuma layukan da bai kamata su hau ba. "Maganin sanyi", "yana wanke ciki", "yana kawar da basir": irin waɗannan suna yawan fitowa, musamman a jikin yajin jego. Ƙa'ida ta hana a ce abinci yana warkar da cuta, kuma wadda ta dogara da irin wannan alkawari za ta iya jinkirta zuwa asibiti. Haka nan, wadda ta sa magin dunƙule ko farin magi ba ta da ikon rubuta "babu sinadari" ko "zallar kayan gargajiya". In tana son wannan kirari, sai ta cire magin ta koma ga daddawa, sannan ta sake gwada ɗanɗanon, domin layi na uku zai canza.

Mataki na ƙarshe shi ne shagon mai buga takarda, a Katsina ko a Kano. A nan ƙananan kurakurai suke lalata aikin wata guda. Na'urori da yawa suna zubar da lanƙwasar baƙaƙen Hausa, sai ƙuli ya fito ba ƙugiya, garɗi da ɗanwake su ma haka. Sai a nemi gwaji guda ɗaya a ainihin girman takardar, ba a fuskar kwamfuta ba. A manna shi a jikin leda cike da yaji, a miƙa hannu a karanta daga nesa, a kuma ba wani dattijo ya karanta a hasken ɗaki. Jan rubutu a kan ledar da jan yaji yake leƙowa ta cikinta ba ya karantuwa. Baƙi a kan fari ko rawaya ya fi fita. Hoto ma magana ne: in aka sa tsire yana tururi alhali taken yana kiran garau-garau, an raba hankalin mai saye gida biyu.

Kiran wannan sharhi ga mata masu dakan yaji a Mawashi da Kusada da Kankiya, da matasan da suke tsara musu takarda, shi ne kafin bugu na gaba a auna kayan haɗi da sikeli, a tara masu ɗanɗanawa, a rubuta abin da suka ji kawai. Masu saye kuma su riƙa juya leda suna duba kwanan wata da jerin kayan haɗi, in sun ga abin da aka rubuta ya saɓa wa abin da suka ji a baki su kira lambar wayar da ke jiki su faɗa wa mai yajin.